Babi Na Bakwai: Muƙabalar Fassarar Na'ura Da Asalinta

Garin Ribah, wanda shi ne mazaunin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu a cikin Masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, yana daga cikin garuruwan da dokar gwamnati ke isa gare su da harshe ɗaya, a bayyana ta a gaban jama'a da harshe na biyu, sa'an nan a koma gida a yi shawara a kanta da harshe na uku. Domin kuwa takarda da Ingilishi take fitowa daga Abuja ko Birnin Kebbi, da Hausa ake karanta ta ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, alhali da yawa daga manoman da hukuncinta zai hau kansu Lelna ne, waɗanda Hausawa ke ce wa Dakarkari, ko kuwa maƙwabtansu na sauran ƙabilun masarautar, waɗanda in sun shiga gida da harshen iyayensu suke magana. Saboda haka Hausar da aka rubuta a tsakiya ita ce kowa yake dogara a kanta, kuma duk karkatar da ta shiga cikinta, tafintan da zai juya ta zuwa C'lela zai ɗauke ta ya kai gaba da zuciya ɗaya, tun da shi bai taɓa ganin asalin ba.

A zamanin da Hukumar Fassara take aiki a Zariya, da zamanin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939 a hannun Malam Abubakar Imam, mai fassara ba shi da abokin aiki sai ƙamus da alƙalami da abin da Allah ya hore masa na basira. Tun daga ƙarshen shekarar 2013 kuwa, lokacin da kamfanin Google ya shigar da Hausa cikin harsunan da na'urarsa take fassarawa, kowane magatakarda mai waya a aljihu yana iya zuba shafi guda na Ingilishi ya ga Hausa ta fito kafin ya gyara zama. Ya kamata a san yadda wannan na'ura take aiki, gama daga nan ne ake gane inda take tuntuɓe. An ciyar da ita jimloli masu yawa na Ingilishi tare da takwarorinsu na Hausa, ta haddace wace kalma ce ta saba biyo bayan wace, har ya zama idan an ba ta sabuwar jimla sai ta fitar da abin da ya fi kama da waɗanda ta saba gani. To, mafi yawan abin da aka fassara zuwa Hausa labarai ne da littattafan addini, matanin doka kuwa kaɗan ne ƙwarai, don haka idan ta gamu da lafazin da lauyoyi suka keɓe wa wata ma'ana ta musamman, sai ta ba shi ma'anarsa ta kasuwa, kuma ta yi hakan cikin jimla mai santsi wadda ba ta nuna alamar shakka ko kaɗan. Kuskuren da ya fito a gurguje kowa yana ganinsa ya gyara. Wanda ya fito cikin Hausa mai daɗin ji shi ne yake wucewa har ya kai ga sa hannu da hatimi.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin maganin irin wannan cuta, ko da yake a wani fage suka gamu da ita. Idan almajiri ya kwafi littafi da hannunsa, ba a ɗaukar kwafin nan abin dogara sai an yi masa muƙabala, watau mutum ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya riƙe kwafi, a bi su kalma bayan kalma har a kai ƙarshe, a gano inda ɗigo ya kauce ya zama tas'hifi, da inda ido ya tsallake layi domin layuka biyu sun ƙare da kalma iri ɗaya. Haka kuma malaman hadisi, da suka yi magana a kan ruwaya da ma'ana, waɗanda suka halatta ta sun sa sharaɗin mai ruwayar ya zama masanin abin da ke canja ma'ana da abin da ba ya canja ta. Aikin mai gyaran fassarar na'ura ya haɗa abubuwan nan biyu, gama an yardar masa ya rushe ginin jimla ya sake shi yadda Hausa take so, amma ba a yardar masa ya rage ko ya ƙara ƙwayar ma'ana guda ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan babi shi ne, gyaran lafazi da binciken ma'ana ayyuka biyu ne dabam, kuma wanda ya ce zai yi su a zama ɗaya da ido ɗaya, daɗin lafazin zai shagaltar da shi daga ma'anar.

Bari mu ɗauki misalin da ya shafi kowane gida a ƙasar noma irin ta Ribah. Mu ƙaddara an ce wa wani magatakarda ya shirya bayani da Hausa a kan abin da Dokar Amfani da Filaye ta ce game da gonaki, domin a karanta a taron dagatai. Wannan doka an kafa ta ranar 29 ga Maris, 1978, a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, kuma sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya ta musamman. Sashenta na 1 ya danƙa dukkan filayen jiha a hannun Gwamna, ya riƙe su amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙi a kan filin da ba ya cikin yankin birni, sashe na 21 kuwa ya yi magana a kan fitar da wannan haƙƙi daga hannu zuwa wani hannu. Waɗannan sassa biyu na ƙarshe su ne magatakardanmu zai zuba wa na'ura.

Kafin ya dubi abin da ta fitar, wajibi ne ya karanta asalin shi kaɗai, ya ɗauki farar takarda ya rubuta wa kowace jimla amsar tambayoyi 'yan kaɗan: wa aka ɗora wa hukuncin, umurni ne ko hani ko izini, a kan wane abu, da wane sharaɗi, akwai togaciya ko babu, kuma waɗanne alƙaluma ne a ciki tare da ma'auninsu. Dalilin gabatar da wannan shi ne, zuciyar ɗan Adam tana riƙe abin da ta fara ji, kuma wanda ya fara karanta Hausar na'ura, idan ya koma ga Ingilishin, ma'anar na'ura zai riƙa gani a cikinsa ko da ba ta nan. Wannan farar takarda ita ce mizanin da zai auna aikinsa da shi daga baya.

Abu na farko da zai ci karo da shi, sunan haƙƙin ne kansa. Lafazin Ingilishin yana nufin haƙƙin riƙe fili da amfani da shi bisa al'ada, na'ura kuwa takan mai da shi ko dai “haƙƙin zama”, wanda manomi zai ɗauka maganar gidan kwana ce, gonarsa ba ta ciki, ko kuwa “haƙƙin mallaka”, wanda ya fi daɗin ji, kuma shi ne ya dace da bakin mutane, tun da kowa “takardar mallakar fili” yake cewa. Amma sashe na 1 ya riga ya sa filin a hannun Gwamna, abin da mutum yake da shi riƙo ne da cin amfani, kuma sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke shi saboda maslahar jama'a mai rinjaye. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai sha wuyar gane wannan ba, gama malamai sun rarrabe tsakanin mallakar asalin abu da mallakar amfaninsa, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya wallafa littafi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da fili, mai suna Ta'alimur Radi. Ni a ganina “haƙƙin riƙon fili na gargajiya” shi ne ya fi kusa, kuma na fifita “haƙƙi” a kan “izini” saboda sashen ta'arifi na dokar ya shigar da mutum ko al'ummar da ke riƙe da fili bisa dokar gargajiya cikin ma'anar, tare da wanda ƙaramar hukuma ta ba shi, mai gonar gado kuwa ba zai yarda a ce masa izini ne ya karɓa ba. Da zarar an tsai da suna, a bayyana shi sau ɗaya a farkon takarda, sa'an nan a riƙe shi har ƙarshe. Na'ura takan kira abu ɗaya da sunaye uku a shafi guda, kuma marubuci mai son ƙawata magana yakan yi haka da gangan, amma a matanin doka sake suna yana nuna wa mai karatu an sake abin da ake magana a kansa.

Haka nan kalmar da ta zama “ƙasa” a Hausar na'ura, ya kamata a mai da ita “fili” ko “gona”, domin ƙasa a kunnen dagaci ita ce yankin da yake sarauta, idan kuma lanƙwasar harafin ta faɗi wajen bugawa sai ta koma “kasa”. “Yankin birni” ma yana bukatar kalma biyu na bayani, gama sashe na 3 ya ce Gwamna ne yake ayyana shi da oda a gazet ɗin jiha, yawan gidaje ko girman kasuwa ba su ne ke mai da wuri birni a idon wannan doka ba.

Yanzu mu zo ga jimlar da ta fi kowace tarko, watau ƙaramin sashe na 2 na sashe na 6. Irin abin da na'ura takan fitar daga gare ta yana kama da haka: “Babu haƙƙin zama na al'ada guda ɗaya da za a ba da game da wani yanki na ƙasa fiye da kadada 500 idan an ba da don dalilai na noma, ko kadada 5,000 idan an ba da don dalilai na kiwo, sai dai tare da yardar Gwamna.” Kalmomin duk na Hausa ne, amma ginin na Ingilishi ne, kuma mai sauraro zai kai tsakiyar jimlar bai san wa ake hana me ba. Magatakarda ya koma ga farar takardarsa. Hukuncin hani ne. A asalin an yi amfani da kalmar shall tare da korewa, kuma wannan kalma, wadda a makaranta aka koya mana ita a matsayin alamar lokaci mai zuwa, a bakin mai tsara doka alamar lizimtawa ce, kishiyar may wadda take ba da zaɓi. Na'ura ta mai da ita “za a”, hani ya koma kamar labarin abin da zai faru gobe. Sai dai kuma kada mai gyara ya yi gaggawar mai da kowace shall “wajibi ne”, domin ƙaramin sashe na 1 na wannan sashe ɗin da ita ya buɗe, amma haɗe take da kalmar halacci, ma'anarsa kuwa ya halatta ga ƙaramar hukuma ta ba da haƙƙin. Idan aka rubuta “wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba da”, an mai da ja'izi farilla, kuma an ba kowane mai nema hujjar da doka ba ta ba shi ba.

Sa'an nan ma'auni. Asalin hekta ya ce, “kadada” kuwa kalma ce da wasu suke nufin eka da ita, wasu suke nufin hekta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce, gama hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Hekta 500 ta kai wajen eka 1,235, watau murabba'in kilomita 5, alhali eka 500 ba ta wuce hekta 202 da 'yan kai ba. Wanda ya ji “kadada 500” ya fahimci eka, ya rage iyakar da doka ta sa da fiye da rabi. Don haka a rubuta “hekta” ƙarara, a bar alƙaluman yadda suke, kada a juya su zuwa eka a cikin matani; in ana bukatar juyawar don sauƙin fahimta, a yi ta a gefe, a nuna cewa bayanin mai fassara ne. A lura kuma asalin abin da ya wuce 500 ya hana, saboda haka fili mai hekta 500 cif yana cikin halacci, kuma wanda ya rubuta “filin da ya kai hekta 500” ya matsar da iyakar ya haramta abin da aka halatta. Kalmar “guda ɗaya” ma tana da aiki, domin iyakar a kan kowane haƙƙi ɗaya aka sa ta, jimlar ba ta yi maganar jimillar abin da ƙaramar hukuma za ta bayar a shekara ba.

Bayan an tabbatar da waɗannan, sai a ajiye Hausar na'ura gefe, a gina magana sabuwa kamar yadda dattijo mai hankali zai faɗe ta a fada. Ingilishin doka yana son ya ɓoye mai aiki ya tara sharuɗɗa a jimla guda, Hausa kuwa tana son a ambaci mai aiki, a gabatar da sharaɗi kafin hukunci, a ba kowane hukunci numfashinsa. Ga yadda ni zan rubuta: “Haƙƙin riƙon fili na gargajiya guda ɗaya, idan don noma ne, doka ta hana ƙaramar hukuma ta ba da shi a kan filin da ya wuce hekta 500, idan kuwa don kiwo ne, ta hana ta ba da shi a kan filin da ya wuce hekta 5,000. Ba a ƙetare ko ɗaya daga iyakokin nan biyu sai da yardar Gwamna.” Mai karatu zai ga na shigo da “ƙaramar hukuma” alhali jimlar asali ba ta ambace ta ba, kuma hujjata ita ce ƙaramin sashen da ya gabata ya riga ya bayyana ita ce mai bayarwa, da ban sami wannan hujja a cikin matanin ba, da na bar aikin ba mai shi. Zai kuma ga na fitar da togaciyar na ba ta jimlarta, na ce “iyakokin nan biyu”, domin idan aka bar ta a wutsiyar doguwar jimla, mai sauraro zai ɗauka kiwo kaɗai ta shafa. Akwai wani haɗari a nan wanda daga hannun mai gyara yake fitowa: garin gudun maimaita suna sai ya sa lamiri, ya rubuta “sai da yardarta”, kuma tun da ƙaramar hukuma tamace ce a nahawun Hausa, Gwamna kuwa namiji, harafi ɗaya ya ɗauke iko daga Birnin Kebbi ya ajiye shi a Ribah. A takardar hukuma maimaita suna ya fi aminci ko da ya yi nauyi a baki.

Sashe na 21 kuwa wahalarsa ta wata fuska ce. Ya hana a fitar da haƙƙin riƙon fili na gargajiya, ko wani ɓangare nasa, daga hannun mai shi ba tare da amincewar ƙaramar hukumar da abin ya shafa ba, in kuwa kotu ce ta yi umurnin a sayar, yardar Gwamna ake nema. Fi'ilin Ingilishin da ke nufin fitarwa daga hannu yana da wata ma'ana ta yau da kullum, ta nisanta mutum ko mai da shi bare, kuma ba abin mamaki ba ne na'ura ta kawo “a ware” ko “a nisanta”, abin da ba ya nufin kome game da gona. Irin wannan kuskure mai sauƙin kamawa ne. Mai wuyar shi ne jerin hanyoyin da sashen ya lissafa: miƙa haƙƙin ɗungum ga wani, sa shi lamunin bashi, miƙa riƙon filin, ba da shi haya a ƙarƙashin haƙƙin mai shi, sa'an nan ya rufe da cewa ko ta kowace hanya dabam. Mai neman taƙaitawa zai ce “sayarwa ko jingina” ya wuce, ya zubar da uku daga cikin biyar, har da na ƙarshen wanda shi ne ya toshe sauran ƙofofi. Kuma “jingina” kanta tana bukatar tsayawa, domin jinginar da manoma suka sani ita ce mai bashi ya karɓi gonar ya riƙa nomawa har a biya shi, alhali lamunin da banki yake karɓa gonar tana zama a hannun mai ita, takarda ce take tafiya. Na farkon ya fi kusa da miƙa riƙo, na biyun shi ne lamunin bashi, kuma dukansu sashen ya kama su. Don haka sai a rubuta su duka biyu da sunan da kowa zai gane, “jinginar da ake miƙa gona” da “sa gona lamunin bashi tana hannun mai ita”, a ƙidaya hanyoyin a asali, a ƙidaya su a Hausa, a ga adadin ya zo daidai.

Kamar yadda ragi yake cin amana, haka ƙari yake yi, kuma ƙari ya fi jan hankalin mai fassara mai tausayin jama'arsa. Inda dokar ta yi maganar diyya idan an karɓe fili, a kan gyare-gyaren da amfaninsu bai ƙare ba ta ɗora ta, watau abin da aka kafa a filin da dukiya ko da wahalar mai riƙo, kamar gini da rijiya da shinge da itatuwan da aka dasa. Magatakarda, don ya kusantar da magana, zai so ya ƙara “kamar ɗorawa da kaɗanya”, tun da su ne itatuwan da manomi ya fi ƙauna a gonarsa. Amma waɗannan galibi da kansu suke tsirowa, kuma ko sun shiga cikin ma'anar ko ba su shiga ba, hukunci ne da jami'in ƙiyasi ko alƙali zai yanke. Idan mai fassara ya sa su a matani ya yi fatawa da sunan doka. Malaman da suka rubuta sharhi sukan bambanta tawadar matani da ta sharhi don kada a gauraya su, kuma wannan ladabi ya kamaci takardar hukuma: abin da doka ta faɗa a jiki, abin da mai fassara ya ƙara don bayani a ƙasa, da alamar da ke nuna nasa ne. Inda asalin kansa yake ɗaukar fuska biyu, kada ya zaɓi ɗaya a ɓoye, ya sa alama ya kai wa lauya ko jami'in filaye kafin takardar ta fita.

Idan an gama rubutu, a bar shi ya kwana in lokaci ya yarda, sa'an nan a yi muƙabalar, kuma a yi ta sau biyu ta fuskoki biyu. Da fari a bi asali jimla jimla, a nemi kowace ƙwayar ma'ana a cikin Hausar, wannan shi ke kama abin da ya faɗi. Sa'an nan a bi Hausar jimla jimla, a nemi tushen kowace kalma a asali, wannan shi ke kama abin da ya shigo ba da izini ba. Alƙaluma da ranaku da lambobin sassa a bi su dabam da yatsa, haka kuma kalmomin korewa, gama “ba” ta biyu idan ta ɓace a ƙarshen doguwar jimla hani yana iya rikiɗewa. Wasu sukan mayar da Hausar cikin na'ura su ga ko Ingilishin zai dawo daidai, su ɗauki hakan shaida. Wannan shaida mai rauni ce, domin na'urar da ta mai da hekta “kadada” tana iya mai da “kadada” hekta, kuskuren ya tafi ya dawo bai bayyana ba, alhali manomin da zai saurara eka zai ji. In takardar kuwa ta ƙunshi sunayen mutane da rigimar gonarsu, a cire sunayen tun kafin a zuba ta a na'ura, gama abin da aka zuba ya bar ofis ya tafi hannun wasu.

Gwajin ƙarshe da kunne ake yinsa. A nemi mutumin da bai ga Ingilishin ba, zai fi kyau ya zama wanda Hausa harshensa na biyu ce, irin wanda zai tsaya ya yi tafinta a ranar taro, a karanta masa a bayyane sau ɗaya, sa'an nan a yi masa tambayoyin da ke kan farar takardar nan ta farko. Idan makiyaya suka nemi hekta 6,000, wurin wa za a je? Idan mutum ya ba maƙwabcinsa gona jingina, amincewar wa ake nema? Mai hekta 500 daidai, yana bukatar Gwamna? In ya amsa daidai, jimlar ta tsaya. In ya yi jinkiri ko ya kauce, jimlar za a koma wa, ko da kowace kalma a cikinta ta dace da ƙamus. A nan ne kuma ake gane kalmomin Larabci da suka yi wa masu sauraro nauyi, domin abin da almajirin Sakkwato zai gane nan take, kamar “rahani” ko “ijara”, manomin da bai yi karatun zaure ba “jingina” da “haya” ya sani, kuma jama'ar wannan masarauta sun haɗa Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya. Daga ƙarshe a rubuta a gindin takardar sunan dokar da lambobin sassan da aka fassara, da ranar da aka yi muƙabala, da sunan wanda ya yi ta, tare da jimla guda mai cewa wannan bayani ne da Hausa, kuma idan saɓani ya taso, matanin Ingilishi shi ne kotu za ta duba.